Gyaran da Ummussalma Ta Aika wa Malaman Gona

Ummussalma 'yar Sundimina ce, 'yar malamin Islamiyya. A wani shagon buga takardu a Birnin Kudu ta koyi kwamfuta, daga nan wata ƙungiyar manoman wake ta ɗauke ta sakatariya. Ita ke buɗe ofis da safe, ita ke share shi, ita ke lallaɓa janareta idan ya yi gardama. Ba ta da yawan magana. Da hannunta take amsa maka, ba da baki ba.

Bayan girbi ƙungiyar kan tara malaman gona na Birnin Kudu da Gwaram, a koya musu adana wake a buhun da iska ba ta shiga. Bara a Birnin Kudu aka yi. Bana aka mayar da taron Gwaram, ranar Laraba. Ummussalma ta ɗauko imel ɗin bara kamar yadda ta saba, ta sauya rana, ta sauya sunan mai koyarwa, ta aika wa kowa. Wurin taro ne ta manta.

Ranar Litinin Malam Barau na Basirka ya bugo waya.

"Malama, wato mu na Gwaram kullum mu ne masu bin hanya? Ba cewa aka yi bana ku za ku zo mana ba?"

Ta buɗe saƙon, ta gani da idonta: Birnin Kudu. Idan aka bar shi haka, jibi mutane za su hau babur daga Basirka da Dingaya su zo su tarar da ƙofa a kulle, mai koyarwa kuma yana can Gwaram da buhunansa yana kallon kujeru. Zuwa ɗaya zai yi a kakar nan.

Ta faɗa wa shugaban ƙungiyar, Alhaji Yunusa. Ya yi salati, ya cire hula, ya ce ta rubuta abin da zai faɗa. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi iyali da amfanin gona, ya shiga ban haƙuri, ya taɓo ajizancin ɗan Adam. Shafi ya kusa cika bai ambaci Gwaram ba.

"Ki sa GAGGAWA a sama, da manyan baƙaƙe," in ji shi.

"Alhaji, ba gobara aka yi ba."

"To ya za a yi? Manyan mutane ne, a ba su haƙƙinsu."

"A waya suke karantawa, a bakin gona. Layin farko suke gani. In suka ga gaisuwa, sai su ce sai an jima."

"Ke dai ba kya son gaisuwa."

"Ranar Laraba zan gaishe su har ƙasa. A Gwaram."

Alhaji ya mayar da hularsa, ya ce ta yi yadda ta gani, amma in wani ya yi fushi ita za ta tare shi.

Ta kusa danna maɓallin amsa wa kowa, sai ta tuna a ɓoye ta sa adireshin mutanen a saƙon farko, don kada kowa ya ga na wani. Amsa irin wannan ba za ta kai gare su ba. Ta sake ɗauko adireshin duka, ta sa su a ɓoye kamar da. A kan saƙon ta rubuta: "Gyara: taron Laraba a Gwaram ne." A ciki kuwa:

"Assalamu alaikum. Taron adana wake na ranar Laraba a Gwaram za a yi, a ɗakin taron ƙungiya, ba a Birnin Kudu ba kamar yadda na rubuta a saƙon farko. Rana da lokaci suna nan yadda suke. A yi haƙuri da kuskuren. Ummussalma."

Ta karanta shi a bayyane, ta sa Alhaji ya duba wurin da ranar, ta aika. Sannan ta kira na Dingaya ɗaya bayan ɗaya, don can sabis sai an hau tudu. Wanda bai ɗauka ba ta bar wa maƙwabcinsa sallahu.

Ranar Laraba ta isa Gwaram da sassafe. Babura suka yi ta shigowa har inuwar darbejiya ta cika, aka koma aron benci a maƙwabta. Alhaji ya kira mai gadin ofishin Birnin Kudu ya tambaya ko wani ya ɓata ya je can. Ba ko mutum ɗaya.

Malam Barau ya iso yana kaɗe rigarsa.

"Malama, saƙonki kamar na soja. Ko gajiya ba ki tambaye mu ba."

"Ina gajiya, Malam?"

"Yau babu. Kusa ne."

Ta miƙa masa buhu, ta nuna masa benci, ta juya wajen na bayansa.