Su Wane ne Sauransu?

Mai Agogo mutum ne da ko kaza ta yi masa tsawa sai ya ba ta haƙuri. Tun yana saurayi yake zaune bayan wani ɗan tebur mai gilashi, da madubi a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Shago bai taɓa mallaka ba. Teburin nasa a baranda yake, gaban shagon mai siminti, kuma ba a taɓa karɓar haya a hannunsa ba. Da wannan ɗan wurin yake ciyar da 'ya'ya biyar.

Da ƙungiyar masu shagunan layin ta tashi zaɓen ma'aji, shi aka nuna. Wai wanda ke tsoron inuwarsa ba zai ci kuɗin jama'a ba. Mai simintin kuwa shi ne shugaba.

Ana saura kwana biyu taro, shugaba ya kira shi cikin shago, ya janyo ƙofa.

"Dubu arba'in ɗin nan da na karɓa, ka zuba su a 'da sauransu'. Haka wanda ka gada yake yi."

"Ranka ya daɗe, in aka tambaye ni fa?"

"Wa zai tambaya? Kai dai karanta da sauri."

Bai yi barazana ba, ya dai ɗan leƙa baranda inda teburin yake. Yinin ranar agogo biyu Mai Agogo ya buɗe ya kasa mayarwa.

A ajin wata makaranta aka yi taron, manya sun takure a kan bencin yara. Mai Agogo ya miƙe zai karanta lissafi.

"'Yan'uwa, ni ban iya dogon lissafi ba, yadda na gane zan faɗa. Akwai abin da ya shigo, akwai abin da ya fita. Shago arba'in ne, kowa dubu ɗaya a wata. Wata shida, dubu ɗari biyu da arba'in ke nan. Amma mutum uku ba su biya wata bibbiyu ba, sai a cire dubu shida."

"Faɗi sunansu!" in ji mahaucin layin. Aka yi dariya, domin kowa ya san yana cikinsu.

"Na tarar da dubu sha shida a asusu. In an haɗa, dubu ɗari biyu da hamsin muka riƙe. Maigadi ya ci ɗari da ashirin, dubu ashirin duk wata. Masu shara arba'in da takwas. Waya da ƙwan fitila ashirin da biyu, ga rasit nan. Duka ɗari da casa'in." Ya ƙara sauri. "Da sauransu, dubu arba'in. A banki akwai ashirin."

Har ya soma lanƙwasa zai zauna, sai wata tsohuwa mai sayar da sabulu ta ɗaga sandarta. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa take zama a gaba.

"Ɗan nan, maigadi na san shi, masu shara na san su. Su wane ne sauransu? Ni ban taɓa ganinsu a layinmu ba, ga shi sun kusa kamo masu shara."

Wasu suka yi dariya, amma ta mutu nan take. Ido ya dawo kansa. Ya ga mahauci yana auna sababbin takalmansa da kallo, ya gane inda zato ya nufa: in ya yi shiru, shi ne ɓarawon. Ya dubi shugaba. Shugaba yana duba wayarsa. Tsoro biyu suka haɗu masa, gaba kura baya sayaki.

"Inna," ya ce, da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji, "sauransu mutum ɗaya ne. Shugaba ne ya karɓi kuɗin aro, bai dawo da su ba tukuna. Ba kashewa aka yi ba, bashi ne. Kuɗinmu dubu sittin ne: ashirin a banki, arba'in a hannunsa."

"Me ya ce?" in ji tsohuwar. Dole ya maimaita da ƙarfi.

Shugaba ya miƙe yana murmushi, ya ce gaskiya ne, mantuwa ce, ƙarshen wata zai biya. Aka tafa wa Mai Agogo, har mahauci yana dukan bayansa. A bakin ƙofa shugaba ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba.

"Gobe za a sauke min kaya. Ina bukatar barandata."

Washegari Mai Agogo ya ɗora teburin a ka, ya bi layin daga farko. Waɗanda suka tafa jiya kowa ya sunkuya yana shara, don rabinsu a shagunan shugaba suke haya. Ya kai ƙarshen layi bai ji an kira shi ba. Nan ya sauke a bakin kwata, cikin rana, ya goge gilashin da hannun riga, ya zauna yana jiran wanda zai fara tsayawa.