Cinyoyin Kaza Tamanin

Shekara goma sha ɗaya Zulai ta yi tana suyar kaza a gidan abincin Madam Prudence da ke Lugbe. Bazazzagiya ce mai sanyin jiki, har ma'aikata na tsokanarta cewa kafin ta gama suya mai yunwa ya yi barci. Da albashin nan take ciyar da 'ya'ya huɗu, tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mijinta.

Suyarta ba ta da wani asiri. Takan tsaga cinya har ƙashi, ta tafasa da albasa da citta, ta tsame ta bari ruwan ya tsane. Wuta matsakaiciya, kuma ba ta cika kasko. Kafin ta kwashe sai ta soka wuƙa kusa da ƙashi: in ruwa fari ya fito ta nuna, in da ja-ja ta mayar.

Wata Laraba wani ofis ya yi odar abincin mutum tamanin, ƙarfe ɗaya na rana. Sai sha biyu saura aka kawo cinyoyin daga gidan sanyi, a daskare kamar dutse.

"Madam, sai ƙanƙarar ta saki, in tafasa tukuna," in ji Zulai.

"Mama Zulai, babu time! Ki ƙara wuta, ki zuba shi haka."

"Bayan zai ƙone, cikin ɗanye."

"Ni da ke, waye oga a nan?"

Zulai ta watsa wa cinyoyin ruwa suka rabu da juna, ta goge, ta ƙara wuta. Mai ya yi ta tartsatsi yana cin hannunta. Cikin minti shida fatar ta yi ja, gwanin sha'awa. Ta soka wuƙa, jini ya biyo. Ta mayar, fatar ta fara baƙi. Ta rage wuta, Madam ta zo ta murɗa da hannunta. Zulai tana kwashewa tana hawaye, don ta san abin da take zubawa a robobin odar nan.

Ƙarfe uku aka dawo da abincin, an gutsuri kowace cinya an ajiye, ƙashin jajir. Mutumin ofishin ya tsaya bakin ƙofa yana faɗa, Madam kuwa ta nuna kicin ta ce laifin mai suya ne, kuma yau ta gama aiki. Wallahi abin da ciwo, duk wanda ke wurin ya ji yadda aka yi, amma kowa yana tsoron tasa kujerar.

Da safe Zulai ta koma roƙo. Ta tarar har an ɗauki wata, Nafeesa, tana tsaye gaban kaskonta.

"Aikin kam babu," Madam ta ce. "Amma tunda kin zo, ki nuna mata yadda kike yi cikin yana dahuwa."

Zulai ta ajiye jakarta, ta wanke hannu. "Miƙo wuƙar, 'yar nan," ta ce.