Amsoshi Uku da Auta Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida da rabi 'yata Auta ta fito daga ɗakinta da takalmi ɗaya a hannu, tana neman ɗayan. Mahaifiyarta ta ce, "Auta, shekara ashirin da bakwai, har yanzu takalminki ba ya kwana da ɗan'uwansa?" Ta ce, "Umma, sun yi faɗa ne, ba na shiga." Ta sha shayi a tsaye. Bakwai saura minti goma ta fita.

Lissafi take koyarwa a aji uku na ƙaramar sakandare. Ɗalibai suna kiranta Malama Baka-biyu, don ba ta yarda a rubuta lambar da ke ƙasa da sifili tsirara bayan alamar debewa ba. Sai an sa ta cikin baka. Takan ce alamu biyu ne, aikinsu daban, in ka bar su kafaɗa da kafaɗa ɗaya za ta ɓace maka. A ƙasan ajinta akwai layi da ta ja da alli, sifili a tsakiya, manyan lambobi wajen ƙofa, masu mainos wajen taga. Yaro zai tsaya kan lambar farko yana fuskantar ƙofa. In an ce debe, ya juya. In abin da za a debe mai mainos ne, ya yi tafiya da baya. Wanda ya juya ya kuma ja da baya, ƙofar dai ya nufa. Ni da na yi shekara talatin ina aikin safiyo, wato awon filaye, ban taɓa ganin an bayyana shi haka ba, kuma na gaya mata. Ta ce, "Baba, sai yanzu ka gane ka haifi malama?"

Abin da ya faru a makaranta ranar, maƙwabciyar teburinta, malamar kimiyya, ita ta ba ni labari daga baya.

Ƙarfe tara azuzuwa huɗu suka yi gwaji iri ɗaya, tambaya goma, kowace maki goma. Da shi ake raba waɗanda za su shiga ajin kimiyya badi: sai mai saba'in. Sha ɗaya da rabi shugaban sashen lissafi ya raba wa malamai takardar amsoshi da ya rubuta da hannunsa, ya buga mata hatimi. Sha biyu Auta ta same shi a teburinsa.

"Ranka ya daɗe, uku a nan ba daidai ba ne."

Ta nuna masa. 6 − (−9), ya rubuta −3. Amsar 15 ce. −4 − (−7), ya rubuta −11. Amsar 3 ce. 12 − (3 − 8), ya rubuta 1, don ya cire bakan bai juya alamar takwas ba. Cikin bakan −5 ne, amsar kuwa 17. Kuskure ɗaya ne sau uku, irin na mai gaggawa.

Ya ce, "Malama, tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba nake koyar da wannan. Sauran malamai sun fara dubawa. Ki bi takarda."

"In na bi ta, duk yaron da ya iya zai rasa talatin. Wanda ya ɓata shi zai ci."

"To ki rubuta ƙorafi. Amma sakamako ranar Juma'a."

"Zan duba da abin da yake daidai. Hannuna ba zai hau wancan ba."

Ƙarfe uku ta dawo gida da takardun yara arba'in da uku a jaka, tare da takardar amsoshin. Huɗu da rabi ta baje su a teburin cin abinci, ta karanta min tambayoyin uku, na ba ta amsa. Ta ce, "Ka ci, Baba. Amma a makarantarmu ka faɗi." Shida mahaifiyarta ta kore ta daga teburin. Ta duba ashirin da tara. Ta sa jan bironta a kan ta talatin.

Tana da asma tun tana shekara biyar. Laraba da safe ta tashi mata, abin shaƙarta bai yi aiki ba. Mun isa asibiti takwas da kwata. Ta rasu goma saura minti biyar.

Kwana uku bayan nan shugaban sashen ya zo gaisuwa. Ya yi addu'a mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. Da na raka shi ƙofa ya rage murya ya ce, "Baba, akwai wasu 'yan takardu a wurin marigayiya. In an ba ni sai in ƙarasa."

Na ce, "Da wace amsa?"

Na ce zan kawo su da kaina.

Mahaifiyarta ba ta so ba. Ta ce, "Mutane na zuwa gaisuwa, kai za ka tafi rigimar makaranta?" Na ce ba rigimata ba ce, ajiya ce aka bar min. Sha huɗun da suka rage na duba su da fensir, don kada a haɗa hannuna da nata.

Litinin na je ofishin shugabar makaranta, aka kira shugaban sashen. Shugabar ta ce ta yi min ta'aziyya, amma azuzuwa uku sun riga sun miƙa sakamako, kuma ita ba lissafi ta karanta ba. Na ce ba sai ta karanta ba, ta ara min alli. A barandarta akwai tayil. Na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa, na rubuta daga −5 zuwa 5, kowane tayil lamba ɗaya.

Na ce, "Malam, bismillah. Tsaya kan mainos huɗu."

"Haba Baba, ni za a mayar ɗan aji?"

"To ni zan taka."

Na tsaya, fuskata wajen manyan lambobi. Na ce debe, na juya. Na ce mainos bakwai, na ja da baya ina ƙirgawa da ƙarfi. Malamai sun leƙo daga ɗakinsu. Na tsaya kan uku. Na ce, "Ranki ya daɗe, karanta min abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Sannan ki karanta abin da ke ƙarƙashin hatiminsa."

Ta karanta duka biyun. Ta ce masa, "Malam?"

Ya kalli tayil ɗin. Ya ce, "Gaggawa ce." Na ce na sani, Auta ma haka ta ce. Ban saki jakar ba sai da shugabar ta rubuta a gabana cewa za a sake duba azuzuwan huɗu. An sake. Yara sha tara da aka kayar suka haye, shida da suka haye suka sauko. Uban ɗaya daga cikin shidan ya zo har gida ya gaya min maganganu. Na saurare shi, na ce amsar dai uku ce.

Tufafinta mahaifiyarta ta raba wa 'yan'uwa. Littattafan na kai makarantar. Kwalin allin na ba malamar kimiyya, wadda ta ce duk Litinin tana sake jan layin nan a ƙasan ajin, don masu shara suna goge shi. Takalman mun bayar, bayan mun samo ɗayan a ƙarƙashin gado. Takardar amsoshin, da gyaranta uku da jan biro, shugabar ta nemi a mayar mata don fayil. Na ba ta kwafi.