Gaisuwar Sallar da ta Bar Mana Fadama

A Garki aka haife ni, tun tana ƙauye a tsakiyar gonakin doya, babu wanda ya taɓa mafarkin wata rana za a kawo gwamnati nan. Mu 'yan zango baƙi ne. Ƙasa ta Gbagyi ce, kuma fadamar da muke noman shinkafa a bakin rafi aro ce. Wani dattijo, babban gidansu, shi ya ba mahaifina ita tun kafin ya yi aure.

Aron gona yana da ƙa'ida. Mutum ake ba, ba gida ba. Kowace Babbar Sallah mahaifina yakan kai wa dattijon cinyar rago, su gaisa, in za a tashi sai dattijon ya ce gona tana nan. Shi ke nan, an sabunta. Ba a roƙo, ba a tuni. In bai faɗa ba, ka gane, ka kwashe kayan aikinka ba tare da an ji kanku ba.

Mahaifina ya rasu da kaka, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Sallah ta zo gab da faɗuwar damina. Ina saurayi, ga Inna, ga ƙanne, kuma wannan shinkafar ce abincinmu. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Baffa, wan mahaifina, ya ce in kwantar da hankalina, shi zai yi magana. Baffa kuwa rumbun karin magana ne. Ko ina kwana ka ce masa sai ya amsa da guda biyu. Matsalar ita ce jerinsa ɗaya ne, kuma a tsari ɗaya yake zubo shi, a suna, a ɗaurin aure, a Sallah. Yaran zango sun haddace, har sukan laɓe bayan dannin gidansa suna rigansa faɗa. Ni dai tun ina ƙarami abin yake ba ni haushi, amma wa zai gaya wa Baffa?

Da safe ina ɗaure naman a ganye, Inna ta ce, "Kai ma za ka jero irin na Baffanka?"

Na ce, "Shi zai yi magana, Inna."

"To, in an ba ka baki, ka tuna karin magana daddawa ce. Kaɗan ake sawa, kuma sai akwai miyar."

Mun iske dattijon a gindin ɗorawa, a kan kujerar katako, 'ya'yansa maza na zaune gefe suna gyaran ƙotar garma. Ba Musulmi ba ne, amma shi ya fara ce mana barka da Sallah. Muka durƙusa, aka karɓi nama, aka kawo ruwa a ƙwarya.

Baffa ya gyara riga ya soma. Ya jawo ta farko, wadda ake yi a kan babba da inuwarsa. Al'ada ce mai magana ya faɗi rabi ya dakata, mai saurare ya cika, don a nuna zukata sun haɗu. To dattijon ya cika, amma tun Baffa bai kai tsakiya ba, idonsa na kan kajin da ke tsince. Ta biyu, a kan zumunci, haka. Ta uku, a kan maƙwabcin kirki, haka. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da Baffa ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya zarce zuwa wadda ake yi a kan haƙuri. Irin wannan magana babba ne ke faɗa wa ƙarami, ko a faɗa wa wanda abu ya sama. Ka zo neman alfarma gidan mutum ranar farin ciki, ka ce ya yi haƙuri, da me? Ya biyo da wata a kan kyauta da mai bayarwa, wadda ko kurma ya san roƙo ne aka sa wa hula. Wannan kam, dattijon bai cika ta ba. Ya bar ta a rataye.

Can ya ce, da irin Hausarsa, "Malam, bara ka faɗa wannan. Bara waccan ma ka faɗa." Ya juyo gare ni. "Ɗan abokina fa? Ba shi da baki?"

Ban shirya komai ba, don haka na faɗi abin da na sani.

Na ce, "Baba, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya ƙara maka lafiya. Bara war haka mahaifina ne a durƙushe a nan. Da ciwo ya kwantar da shi shinkafa ta nuna, tsuntsu ya sauka, ni ina jinya. Ban aiko ba, ban roƙa ba. Na je fadama na tarar waɗannan yayyen nawa sun yanke, sun ɗaure, sun jera. Ranar da ya rasu, iyayenmu mata na gidan nan suka yi ta shigowa da itace a kafaɗa har aka rasa wurin ajiyewa. Da shi aka dafa abincin sadaka. Inna ta ce in gaya maka ba ta manta ba."

'Ya'yan sun ajiye garma. Dattijon ya daina kallon kaji.

A nan ne na ji maganar ta zo da kanta. Ƙarami ba ya jefa wa babba karin magana kai tsaye, sai ya nemi izini ya mayar masa da ita tasa. Na ce, "Baba, ni yaro ne, ban isa ba. Amma ku manya kuna da wata magana, sai bana na san ma'anarta."

Na faɗi rabin farko na wadda ake yi a kan maƙwabcin kirki, na yi shiru. Ita ce dai ta ukun Baffa, ko minti nawa ba a yi da jin ta ba.

Wannan karon dattijon bai yi sauri ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya cika ta a hankali, kalma bayan kalma, ya sake maimaita ta da yarensu don 'ya'yansa su ji, suka amsa baki ɗaya. Ya share ido da bayan hannu.

Ya ce, "Ubanka bai mutu ba. Gona yana nan. Ruwa ya kusa, kar ka yi wasa."

Wallahi ban san lokacin da goshina ya kusa taɓa ƙasa ba. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika, kuma ba na jin kunyar cewa na yi alfahari da kaina a ranar.

A hanya Baffa ya yi ta tafiya gaba, bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai da muka hango zango ya waiwayo.

"Ai tawa ka ɗauka."

"Taka ce, Baffa."

"To me ya sa ta yi maka aiki?"

Amsar ba ta bakin ɗa ba ce. Ya yi ƙwafa, sannan ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka.

Inna na tsaye a bakin zaure, ko mayafi ba ta gyara ba. Tun daga nesa ta karanci fuskata. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ɗakin mahaifina, wanda ba ta taka ba tun rasuwarsa, ta fito da fartanyarsa ta sa mini a hannu.