Baba Bulus Mai Lasar Ƙasa da Likitar da Ban Samu Ba

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin 'yan Samaru su riga ni. Ni Haladu mai gyaran keke, wanda ya tsere daga firamare a aji uku, ni na sa aka riƙa kirana Baban Likita tun 'yata Rakiya tana aji biyar a sakandare. Wanda ya kira ni da sunan, faci kyauta! Mutum ɗaya ne ya ƙi, maƙwabcina marigayi Baba Bulus.

Kun dai san shi. Shekara talatin yana lebura a gonakin gwaji na jami'a, ya yi ritaya da hali guda: duk inda ya tsaya sai ya duƙa ya dangwali ƙasa ya lasa. Gidan biki, ƙofar cocinsu, tashar mota, bai bar ko'ina ba. Ya tauna, ya tofar, ya yanke hukunci: "Tsami ya yi yawa, a zuba toka." Ran da na ce ya kira ni Baban Likita, sai ya lashi ƙasar bakin rumfata ya ce, "Nan dai ƙarya ce kawai za ta tsiro."

Da lokacin cika fom ɗin jarrabawar shiga jami'a ya zo, na tsaya a kan Rakiya kamar soja. Lokacin fom na takarda ne, da fensir ake cikawa. Akwai gurbin zaɓi na ɗaya da na biyu, na ce duka a sa likitanci. Ta ce, "Baba, ko na biyun a bar mini aikin gona?" Na ce noman da na baro a ƙauye shi zan aika ki jami'a ki ɗauko mini? Tun da ba na karanta Turanci, na sa wani ɗalibi ya nuna mini harafin farko na kalmar, wai M. Na leƙa, na ga M sama, M ƙasa, hankalina ya kwanta.

Baba Bulus ya ce, "Injiniya, ka san lissafi ma a Turance da M yake farawa?"

Kwana uku ina zagaye yarinyar nan ina harararta, alhali ba ta cuce ni ba.

Sakamako ya fito, ta haye ɗari biyu cikin ɗari huɗu. Na sayi lemo na raba wa layi. Ashe kowane sashe da nasa makin da yake yankewa, na likitanci kuwa can ƙololuwa yake, masu nema kamar fara, kujeru kaɗan. Makinta ya isa sassa da dama, amma ni da kaina na toshe mata ƙofa ta biyu. Aka liƙa sunaye na farko, aka liƙa na biyu, babu Rakiya. Shekara ta tafi. Ƙawayenta suna wucewa da littattafai, ita tana wanke-wanke. Ni kuwa ko a jikina, na ce baɗi ma likitanci, sama da ƙasa.

Ana nan wata safiya ciki ya murɗa mini. Baba Bulus ya ce, "Taso, ina da babban dakta, kyauta zai duba ka." Ya ɗora ni a kekensa har cikin jami'a, wani ofis cike da kwalabe. Ga mutum da farar riga. Ban jira ba, na ɗage taguwa na ce, "Dakta, nan ne, ƙasan cibiya."

Mutumin ya cire tabarau ya ce, "Malam, ni daktan ƙasa ne. In gonarka ce ba lafiya, kawo ta."

Baba Bulus ya yi dariya har da riƙe bango. A hanya ya ce, "Ka gani? A Samaru in ka jefa dutse kan dakta zai faɗa. Akwai na ƙasa, na ƙwari, na tarihi. In suna kake so, ta kowace ƙofa ana samu."

Na ce, "To cikina fa, Dattijo?"

"Jiƙa kanwa."

Daga baya na ji Rakiya ta samu Baba Bulus da shawarar ta cika sabon fom a ɓoye, tunda darussan jarrabawar ɗaya ne: Turanci, kimiyyar sinadarai, ta halittu da fizis, da su ake neman likitanci, da su ake neman noma. Ba zan taɓa ganewa ba sai ta shiga. Ya hana ta. Wai, "Ke 'yar nan, wanda ya shuka a ɓoye, a ɓoye zai yi girbi. Uban naki kansa ne da tauri, cikinsa ba shi da tauri. Ta nan za mu bi."

Da kaka ta yi sai ya fara aiko mini da gasasshiyar masara, zangarniya kamar damtsena. Na ci, na yi ta yabo a rumfa, ina cewa duk Zazzau babu manomi sai Bulus. Ya bar ni na yi sati ina wa'azi, sannan ya ja ni bayan gidansa. Fili ne da ciyawar wuta-wuta ta cinye shekaru, ko akuya ba ta tsayawa. An raba shi gida huɗu da igiya, kowanne da ɗan allo. Rakiya na tsaye da littafi. Ta nuna mini inda ta sa waken suya bara ta bi shi da masara bana, da inda ta sa masara zalla don a kwatanta, da yadda take tuge wuta-wutar kafin ta yi fure ta zubar da iri. Yarinyar da a gida sai ka yi tambaya uku kafin ka samu kalma ɗaya, ga ta tana zuba kamar rediyo!

Baba Bulus ya ce, "Maimaita abin da ka ce, duk Zazzau babu manomi sai wa?"

Na ce masarar ma ba ta ji gishiri ba.

Saura babbar kotu, Yaya Asabe ta Sabon Gari, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, ita ce kuma ta fara dasa mini maganar likita. Baba Bulus ya bi mu har can, ya lashi ƙasar tsakar gidanta tana kallo. Ya ce, "Hajiya, likitanci shekara shida ne in ba yajin aiki, sai shekarar koyon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. A tsakiya akwai jarrabawar da in ka faɗi ka sake faɗi, sai a sallame ka zuwa wani sashe. Mai so ma yana kuka, bare wadda aka tura. Noma biyar ne, guda a gona, kuma wannan da gudu za ta yi shi."

Yaya ta ce, "To wa zai riƙa duba mini hawan jinina?"

"Hajiya, rage gishiri. Na gama duba ki, ko kati ba ki yanka ba."

Ta jefe shi da mafici, amma ta yi dariya, kuma in Yaya ta yi dariya shari'a ta ƙare. Ran cika fom na miƙa wa Rakiya fensir na fita. A shekarar ce jami'a ta ƙaro tata jarrabawar ta tantancewa, ta ci duka biyun, sunanta ya fito a jerin farko. Yau tana aikin inganta iri, manoma na layi a ƙofar ofishinta.

Dattijon bai ga gamawarta ba. Allah ya saka masa da alherin da ya yi wa gidana, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da kyau.

Kafin ya rasu, da na je duba shi a asibiti, ya rame, amma na ce sai na tsokane shi. Na ce, "Ka ga abin da ka jawo wa kanka? Da ka bar ta ta yi likitanci, da yanzu 'yarka ce ke duba ka."

Ya dube ni ya ce, "Haladu, ka ba ta fensir, na gani. Amma ka taɓa zaunar da ita ka tambaye ta da bakinka abin da take so?"