Hatimin da aka kulle a durowa

A shekarata ta biyu a Poli aka turo ni atachimen, wato koyon aiki na wata huɗu, a wata masaƙa a Kakuri. Sakatariya nake karantawa, sai aka jefa ni ɗakin masu buga tafireta. Ni kuwa a lokacin ji nake da kaina. Yatsuna gudu suke kamar ana soya gyaɗa, har 'yan ofis suka sa mini suna Injin. Kullum na fito daga Makera da ɗan takalmina mai tsini, shakara kawai.

Shugabar ɗakin wata Madam ce daga unguwar Television, mai tabarau da igiya. Ita ta koya mini jera kabon uku ba tare da takarda ta goce ba, kuma ranar Litinin takan zo mini da acca a kula.

Wahalar ita ce logbuk, littafin da muke rubuta aikin kowane mako. Madam tana sa hannu, amma sai an buga hatimin kamfani makaranta take karɓa. Hatimin yana hannun jami'in horaswa, shi kuma an yi masa taransifa, ya kulle durowa ya wuce da makulli. Mako shida ina tambaya.

"Madam, hatimin fa?"

"'Yata, na rubuta musu. A yi haƙuri small."

Sai ga saƙo cewa malaminmu zai zo dubawa ranar Juma'a. In babu hatimi, atachimen ɗin ya tashi a banza, sai na maimaita baɗi. Raina ya ɓaci. Lokacin cin abinci na zura takarda, cikin minti biyu na rattabo wa manajan ma'aikata wasiƙa, layin farko cewa Madam ta kasa samo mini hatimi. Har ina yaba turancina.

Da na juya zan ɗauki ambulan, idona ya faɗa kan tiren aikina. Takardun sallama ne, don lokacin ana ta rage ma'aikata, kuma da yatsuna na buga su da safe. Kowa ya san sunan da ya hau teburin manaja da ƙorafi a makon nan, ya shiga layin sallama. Madam 'ya'ya biyar gare ta. Nan na gane abin da ya hana ta matsawa. Na yayyaga wasiƙar har da kabon ɗin.

Na sake sabuwa. A sama na sa zuwa ga manaja, ƙarƙashi na sa ta hannun shugabar ɗakin tafireta, yadda ƙa'idar ofis take. Na rubuta inda hatimi yake, na ce Madam ta sa hannu kowane mako kuma ta riga ta sanar a rubuce, na ambaci Juma'a, na roƙi abu ɗaya: ya ba da izinin buɗe durowar, ya faɗi wanda zai buga. Na kai mata.

Ta karanta sau biyu. "Ke Injin, so kike ki kai ni sama?"

"Tare za mu, Mama. In ba ki sa hannu ba, ba ta fita ɗakin nan."

"Yarinyar nan akwai wayo kamar me." Ta ciro kofin tsohuwar takardarta daga fayil, ta maƙala, ta rubuta a gefe cewa ta goyi baya.

Muka hau sama tare. Manajan wani Alhaji ne mai yawan shiru. Ya karanta, ya ɗago.

"Mako shida. Wa ya zauna a kan wannan magana?"



"Yallaɓai, durowa ce ta zauna a kai," na ce. "Madam ta yi nata, ga takardarta nan a baya. Fasa durowar kamfani kuwa ya fi ƙarfinta, sai da izininka."

Ya juya shafin. Takardar Madam ofishin jami'in horaswa ta je, ofishin da ba kowa a ciki.

"Ashe teburin da ba mutum kuke rubuta wa," ya ce, yana ɗan murmushi. "Ku nawa ne ɗaliban?"

"Mu tara, ranka ya daɗe."

Ya ja jan biro ya rubuta layi biyu: a kira kafinta, hatimi kuma ya zauna hannun Madam har a naɗa sabon jami'i.

Wayyo daɗi. A matakala na cire takalma na sauko da gudu, Madam tana bina tana cewa, "Ke, a ofis muke fa." Kafin a tashi kafinta ya ɓalle durowar. Na zaga sashen rini da na saƙa ina kwaso sauran ɗalibai, muka yi layi a gaban teburinta. Nawa ta fara bugawa, shafi goma sha huɗu, tana hura kowanne don kada tawada ta ɓata. Ranar Juma'a malaminmu ya duba, ya sa hannu, bai yi tambaya ko ɗaya ba.