Layi Uku na Baffa Gwadabe

Baffa Gwadabe yayan mahaifina ne. Shekara ashirin da biyu yana gyaran injinan saƙa a wata masaƙa a Sharaɗa. Da kunne yake gane cutar inji, sai ya karkata kai ya ce, "Belt ne," kuma belt ɗin ne. A 2007 aka rufe masaƙar. Ya zauna wata tara a gida, iyalinsa kuwa kullum zancen komawa ƙauye, can Ringim.

Sai wani kamfanin fata a Challawa ya nemi shugaban makanikai. Manajan ya san hannun Baffa, ya aiko masa cewa ya tura takardunsa ta imel kamar kowa, zai duba sunansa.

Ni Mas'uda, lokacin ina buga takardu a wani kafe na intanet, ina jin kaina kamar ni na ƙera kwamfuta. Na buga masa CV da wasiƙar neman aiki, na liƙa su a saƙon. Ba shi da adireshin imel, don haka da nawa za mu tura. A gurbin kan maganar saƙon na sa "Application" kawai.

Ya nuna farin filin da ke ƙasa. "Nan fa, 'yata?"

"Ba a sa komai, Baffa. Duk yana cikin wasiƙar."

"A'a. Mutum ya shiga gida ba sallama? Ki sa gaisuwa, da sunana, da aikin da nake nema, ki ce ga takardu biyu a haɗe. Layi uku."

"Haba Baffa, ku bar mini wannan, aikina ne. Maimaici ne kawai."

Ya gyara hularsa. "To, ke kika sani."

Na danna, ya tafi. Kaico, ni da bakina!

Sati shida shiru. Kullum da yamma sai ya leƙo kafe, in buɗe akwatin imel ɗina, in girgiza kai. Ran nan ya daure ya je Challawa, na bi shi. Manajan ya ce, "Malam Gwadabe, ai na jira ku har na gaji. Mun ɗauki wani tun makon jiya."

Aka kira sakatariya. Ta ce saƙo ya fi ɗari uku, ta nemi sunansa ba ta gani ba. Kuma tun da bairos ya cinye musu kwamfuta aka hana ta buɗe abin da aka liƙa a saƙon da ya zo fanko daga baƙon adireshi. Gogewa take yi.

Na jira ya ce ni ce. Sai ya ce wa manajan, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe, ban iya abin ba."

A bas ina ta kuka cikin mayafi. Kafin damina ya kwashe iyali suka koma Ringim. Akwatin sifanoninsa na gyaran inji ya bar wa mahaifina, ya ce a ba duk mai buƙata, shi ya gama.